Awa nawa zai yi a jiki? Bayanin mai haɗa turare

Duk wanda ya shigo shagona, kafin ma ya tambayi farashi, sai ya tambaya: "Malam, awa nawa yake yi?" Sana'ata haɗa turare da sayar da shi a nan Kano. Ina sayo man turare da etanol, wato alkahol ɗin da ake narkar da man a ciki, in haɗa in zuba a kwalabe, ina kuma sayar da na kamfani da ake kawowa daga Dubai. Amsar wannan tambaya ba ta gajarta, domin abin da aka rubuta a jikin kwali yawan man da ke ciki kawai yake nunawa. Yawan awannin da zai yi kuwa, akwai wasu abubuwan da suke da hannu a ciki.

Mu fara da rubutun. Turaren feshi abu biyu ne: man ƙamshi da etanol, wani lokaci da ɗan ruwa. Idan ka ga an rubuta Parfum ko Extrait de Parfum, to mai ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma yakan yi awa 8 ko fiye a jiki. Eau de Parfum, wanda ake taƙaitawa EDP, kashi 15 zuwa 20 ne, awa 6 zuwa 8. Eau de Toilette ko EDT yana tsakanin kashi 5 da 15, yakan yi awa 3 zuwa 5. Ƙasa da shi akwai Eau de Cologne, sai kuma Body Mist da 'yan mata suke so, wanda mansa bai cika wuce kashi 1 zuwa 3 ba, sauran duk ruwa ne da etanol. Shi kam in ya yi awa ɗaya ko biyu ya yi ƙoƙari.

Waɗannan alƙaluma al'adar masu sana'a ce, kowane kamfani kuma da inda yake ja nasa layin. Shi ya sa za ka iya samun EDT na wani kamfani ya fi EDP na wani daɗewa, ba tare da an yi maka ƙarya ba.

Ga yadda lissafin yake a kan teburina. Kwalba mai mil 50, in EDP zan haɗa a kashi 18, sai in ja mil 9 na mai da sirinji, in cike da mil 41 na etanol. In EDT ne a kashi 10, mil 5 na mai ya isa. Sai in toshe, in girgiza a hankali, in ajiye a cikin kabad inda ba rana ba zafi, sati biyu zuwa huɗu, kafin in ɗora a kantar shago. Wanda aka haɗa yau aka fesa yau, warin etanol ne zai fara dukan hancinka, ƙamshin bai zauna ba tukuna. Da yawa daga cikin masu cewa turaren haɗi ba shi da kyau, irin wanda aka haɗa a gabansu aka miƙa musu nan take suka saya.

To amma kashin mai rabin labarin ne. Ɗauki kwalabe biyu, dukansu kashi 20. Ɗaya man lemo da lemun tsami ne ya rinjaye shi, ɗayan kuma ud da sandal da almiski. Fesa su da ƙarfe takwas na safe, ɗaya a kowane hannu. Na lemon zai cika ɗakin da ƙamshi nan da nan, kowa ya ce wannan ai shi ne turare, amma kafin azahar sai ka kai hanci har jikin fata kafin ka ji wani abu. Na ud ɗin da safe kamar bai yi komai ba, sai ga shi bayan la'asar yana nan daram, a hannun riga kuwa har washegari. Dalili shi ne man lemo ba shi da nauyi, da ya sha iska yake tashi. Ƙamshin fure irin su wardi da yasmin yana tsakiya, yakan ja 'yan awanni. Masu nauyin, wato ud, sandal, almiski, ambar da banila, su ne suke lafewa a fata. Ko ka ninka man lemo sau biyu ba zai zama ud ba, sai dai ƙamshin ya ƙara ƙarfi a farkon fesawa, ya ɗan ƙara jimawa kaɗan, sannan ya tafi a lokacinsa.

Wannan ne ma ya sa humrar Maiduguri da turarukan mai na ɗurawa suke kwana a tufafi. Kusan duk kayan haɗinsu masu nauyi ne.

Akwai wani abu da yake ruɗa masu saye. Mutum ya biya kuɗi mai yawa ya sayi farfum, wato wanda aka rubuta wa Parfum, sai ya dawo yana cewa an cuce shi, ba wanda ya ce masa yana ƙamshi. Etanol ne yake ɗaga ƙamshi ya kai shi hancin na nesa. Farfum etanol ɗinsa ya fi kaɗan, don haka sau da yawa ba ya tashi kamar EDT, sai wanda ya matso kusa yake jinsa, amma ya fi daɗewa. Mai son a ji shigowarsa daga ƙofa da mai son a ji ƙamshi a jikinsa bayan magariba ba abu ɗaya suke nema ba, kuma ba kasafai kwalba ɗaya take biya musu duka ba.

Wata malamar makaranta da take sayen bodi mis a wurina ta taɓa zuwa da ƙorafi. Tana fita ƙarfe bakwai a adaidaita sahu, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Ta ce, "Malam, kafin in isa makaranta ya gudu. Ko dai ruwa kuke ƙara masa?"

Na ce, "Hajiya, ai shi dama ruwa da etanol ne suka fi yawa a cikinsa, haka aka yi shi. Bari mu yi lissafi."

Robar da take saya mil 250 ce. In aka ce kashi 2 ne, man da ke ciki gaba ɗaya mil 5 ke nan. Ƙaramar kwalbar EDP mai mil 50 da take ganin ta yi tsada kuwa mil 9 na mai ne a ciki, kusan ninki biyu. Feshi ɗaya yakan fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na mil. Ita tana fesa kamar sau goma da safe, ta maimaita a makaranta, ta sake kafin ta taso, wato mil 3 a rana, robar ba za ta cika wata uku ba. EDP kuwa feshi huɗu da safe ya ishe ta, kwalbar ta kai ta wata huɗu. Girman roba ne yake sa a ga kamar an yi arha.

Ban hana ta sayen bodi mis ɗin ba. Yana da wurinsa: bayan wanka da dare, ko ranar zaman gida, ko ga wadda ƙamshi mai ƙarfi yake sa wa ciwon kai. Don fita ta wuni ne bai dace ba. Na zaɓar mata EDP mai banila da almiski a cikinsa, na kuma ce ta shafa mai marar ƙamshi ko ɗan basilin a wuya da wuyan hannu kafin ta fesa.

Maganar shafa man nan ba camfi ba ce. Busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Da hunturu, lokacin da fata take fari tana tsagewa, turaren da yake yi maka awa 6 sai ka ga ya ragu sosai, mutane su yi ta zargin mai shago. Da bazara kuma, cikin zafin Afrilu, matsalar daban ce: ƙamshi yana tashi da ƙarfi, yana kuma ƙarewa da wuri, ga gumi. A irin wannan lokaci ni ina ganin farfum mai nauyi a cikin mota ko sahun masallaci takura wa jama'a ne. Gara EDT da za ka sake fesawa bayan azahar.

Tufafi sun fi fata riƙe ƙamshi, shi ya sa mutanenmu suka fi fesawa a riga. Sai dai a kula da farar shadda. Turaren da mansa ya yi yawa, musamman mai duhu irin na ud ko banila, yana barin tabo. A fesa daga nesa, kamar kamu ɗaya, ko a fesa a singileti ko cikin hula.

Inda ake samun cuta ta gaske a wannan sana'a shi ne wajen man kansa. Akwai wani sinadari marar ƙamshi da ake kira DPG, wanda ake sirka mai da shi. Amfani da shi ba laifi ba ne, turarukan mai da yawa da shi ake yin su. Laifin shi ne a sayar maka da man da aka sirka rabi da rabi a matsayin tsantsa. Kai mai haɗi ka auna mil 9 da zuciya ɗaya, ka rubuta EDP, alhali abin da ke cikin kwalbar kashi 9 ne, wato EDT. Ido ba ya ganewa, domin kaurin bai canja sosai ba. Abin da nake yi kafin in sayi mai da yawa shi ne in karɓi ɗan samfuri, in haɗa mil 10 kacal, in haɗa wani mil 10 daga tsohon man da na yarda da shi, duka a kashi ɗaya. Sai in fesa a takardu biyu, in rubuta lokaci a jikinsu, in ajiye su nesa da juna. Ina shinshinawa bayan awa ɗaya, bayan awa huɗu, sai kuma washegari da safe. A awar farko da wuya ka bambance su. A awa ta huɗu ake fara ganin wanda aka sirka.

Etanol ma sai an duba. Wanda ya dace shi ne mai ƙarfin kashi 95 ko 96. In ruwa ya yi masa yawa, da ka zuba mai sai haɗin ya yi hazo, ko mai ya taru a gefe guda. Kada kuma arha ta ja mutum ga metanol, guba ne da yake iya taɓa ido. Shi bodi mis, saboda ruwansa, dole a sa masa sinadarin da zai riƙe mai da ruwa wuri ɗaya, in ba haka ba sai ka ga mai yana yawo a sama.

Kafin ka dawo da kwalba kana cewa ba ta daɗewa, tambayi wani a gida ko yana jin ƙamshin a jikinka. Hanci yakan saba da ƙamshin da ke tare da shi cikin ɗan lokaci ya daina kawo labarinsa, sai mutum ya yi ta ƙara feshi alhali na kusa da shi sun ƙoshi. In su ma ba sa ji, to duba inda kake ajiye kwalbar. Wadda ta yi wata biyu a gaban mota ko bakin taga cikin ranar Kano, launinta zai yi duhu, ƙamshin lemon da ake fara ji a cikinta ya koma tsami, kuma wannan ba ya gyaruwa.