Sati ukun da na yi ina tambaya kafin na shiga aikin sola

A watan Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, na ga layi a gaban kowane mai POS a unguwarmu ta Hotoro. Mutum zai ciri dubu biyar ya bar ɗari biyar, yana godiya. Na sayar da babur ɗina na karɓi na'ura. Da kuɗi suka wadata, caji ya koma ɗari a kan dubu biyar, kuma a layinmu kaɗai muka zama mu bakwai. Cunkoson na 'yan makonni ne, sana'ar kuma laima da benci da ɗan jari sun isa a fara ta, don haka duk wanda ya hango abin da na hango ya shigo. Har yau ina jin zafin babur ɗin nan.

Da hankalina ya koma kan sola, sai na ɗauki littafi na yi sati uku ina bin masu aikin da shagunan kaya a Sabon Gari. Ban tambayi kowa ko akwai samu ba, domin amsar kullum "Alhamdulillahi" ce. Sai in ce, "Maigida, idan na kira ka yau, yaushe za ka zo?" Wanda ya ce sai bayan sati biyu, aiki ya fi ƙarfin hannunsa ke nan. Na kuma nemi dalilin buƙatar. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, janareta ya gagari masu shago. Wannan dalili ba mai wucewa a wata ɗaya ba ne.

Tambayar lada ce ta buɗe min ido. Ina tambayar nawa aka biya a kan aiki iri ɗaya bara, nawa bana, sannan in auna da kwanon shinkafa, saboda naira tana ruɗi. Ashe sana'ar hawa biyu ce. Yaran da ke hawa rufi suna ɗaura faifan sola sun yi yawa, ladansu bai motsa ba. Wanda ake jira shi ne mai lissafin kaya da gano matsala. Wani dattijo ya gwada min a bayan rasit: kayan wat 500 na awa takwas suna cin wat-awa 4,000, batir mai 12V 200Ah yana ɗaukar 2,400, amma rabi ake sha idan na ruwa ne kuma ana so ya daɗe, don haka batir huɗu ake buƙata. Ya ce, "Yaro, wanda ya sa biyu, bayan wata shida mai gida zai nemo ni."

Wajensa na zauna koyo, wata tara, kuɗin mota kawai yake ba ni. A wata na bakwai ya miƙo min mitar gwajin wuta, ya tura ni ni kaɗai duba inbatar wani mai kemis da take mutuwa da tsakar dare.