Kalma biyu daga Kano

Jiya da hantsi ina shago a kasuwar Dole, Alhajin da nake aika wa kaya Kano ya turo mini saƙo: "Ƙaro biyar."

Biyar ɗin me? Wake da riɗi na aika masa makon jiya. Har na rubuta "Ranka ya daɗe, me kake nufi?" sai na goge. Na san shi, wayar ba ta zama a hannunsa, kuma motar za ta tashi bayan azahar. Tambaya irin wannan sai ta sa shi dogon bayani, ga shi rubutu na ba shi wuya.

Sai na tura: "Ranka ya daɗe, buhun wake biyar ko na riɗi? In wani abu ne daban, a faɗa mini." Minti goma ya amsa: "Wake."

Na iya lissafa masa ne don abu biyu kaɗai ke tsakaninmu. Ranar da ƙanwata ta rubuto "Yaya, maganar nan fa?" ban yi hasashe ba. Da na jero aure, kuɗi da makaranta, wata kila na taɓo abin da ba ta shirya faɗa ba. Cewa na yi: "Wace magana, ƙanwata?"