Na goge bangon hoto, aka dawo ana neman gefen mayafi

Yawancin aikina haɗa katin gayyata ne da fostar biki, kuma rabin aikin yanke mutum ne daga cikin hotonsa a ɗora shi a kan wani bango. Da manhajar GIMP nake yi. Abin da sana'ar ta koya min shi ne mai aiki ba ya gama magana a zuwan farko. Yau zai ce a cire komai a bar amarya ita kaɗai, jibi ya dawo ya ce a mayar da kujerar da ta zauna a kai. A lokacin kuwa ka riga ka rufe fayil, kuma `Ctrl+Z`, mai warware gyaran da aka yi, ba ya tsallake rufewa, domin GIMP ba ta ajiye tarihin gyara a cikin fayil. Saboda haka dole gogewar kanta ta zama irin wadda ake iya warwarewa.

Hoton da zan ba da labarinsa na wata amarya ne, an ɗauke ta da waya a jikin bango mai launin madara, tana sanye da mayafi ruwan zinare mai shara-shara. JPEG ne, kamar yawancin hotunan da ke fitowa daga waya. Kowane ɗigo na irin wannan hoto lambobi 3 yake ɗauke da su, na ja da na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Babu inda zai rubuta cewa wani ɗigo ba ya nan. Shi ya sa idan ka ɗauki magogi ka goge a kan JPEG yadda ya zo, GIMP takan shafe wurin da launin baya, wanda galibi fari ne. Wannan fenti ne aka zuba a kan hoton, kuma lambobin da ke wurin sun tafi ke nan.

Don haka kafin in taɓa komai nakan shiga `Layer > Transparency > Add Alpha Channel`. Wannan yakan ƙara wa kowane ɗigo lamba ta huɗu, alfa, ita ma daga 0 zuwa 255. Idan tana 255 ɗigon ya fito sarai, idan tana 0 ba a ganinsa, idan tana wajen 128 ana hango abin da ke bayansa rabi da rabi. Akwai alamar da nake dubawa da ido: GIMP takan jera hoto shimfiɗa-shimfiɗa, kowace ana ce mata leya, kuma leyar da ba ta da alfa, sunanta yakan fito da kauri a jerin leyoyi, da zarar an ƙara mata sai rubutun ya koma siriri. Alama ta biyu kuma, in ka goge wuri sai ka ga ƙananan murabba'ai masu toka-toka a maimakon fari.

Ga inda amfanin yake. A leya mai alfa, magogin GIMP lamba ta huɗun kawai yake saukarwa, ba ruwansa da ukun farko. Ɗigon bangon nan da ke ɗauke da, a ce, ja 235, kore 225, shuɗi 205, bayan gogewa yana nan da lambobinsa, alfarsa ce ta koma 0. Kamar an saki labule ne a ƙofar ɗaki, kayan ciki suna inda suke. Haka ma idan ka zaɓi wuri ka danna `Delete`.

Na zaɓi bangon da `Fuzzy Select`, na bar `Threshold` a 15 yadda yake zuwa, na danna `Delete`. A jikin rigar da fuskar yankan ya fita tsaf. Matsalar tana gefen mayafin, wajen kafaɗar hagu, inda haske ya ratsa yadin har launinsa ya kusa zama ɗaya da na bangon. Manhajar ba ta san mayafi ba, ba ta san bango ba, kusancin launi kawai take aunawa, sai ta haɗa da bakin mayafin ta cinye. A ƙaramin kati ba a lura. Na ajiye fayil ɗin a XCF, tsarin ajiya na GIMP kanta, na fitar da kati, aka karɓa.

Bayan an sa ranar kamu sai yayar amaryar ta dawo, yanzu babbar bana suke so wadda za a rataya a bayan kujerar ango da amarya. Da na buɗe hoton na ƙara girmansa a allo, ta nuna kafaɗar da yatsa ta ce, "Malam, ina aikin bakin mayafin nan? Ai saboda shi aka saye shi." Na ce, "Hajiya, yana nan, ɗan ba ni minti kaɗan."

A zaɓuɓɓukan magogi akwai wani akwati mai suna `Anti erase`, ko kuma ka riƙe `Alt` kana gogawa. Aikinsa ɗaga alfa ya mayar da ita sama. Na bi gefen kafaɗar da shi, sai ga bakin mayafin yana fitowa da zarensa da ƙyallinsa. Sai dai ba shi kaɗai yake dawowa ba. Duk abin da burushin ya taɓa yakan dawo, har da bangon madarar da ke maƙale da shi. Saboda haka aikin kai da komo ne: ka dawo da wuri mai ɗan faɗi don ka ga inda ainihin bakin yadin ya tsaya, sannan ka saki `Alt` ka sake goge bangon da ƙaramin burushi. Nakan sa wata leya mai duhu a ƙasa yayin wannan aiki, domin a kan murabba'an toka ba a ganin ragowar bango, amma a kan shuɗi mai duhu yakan fito kamar farin zare kewaye da mutum. Inda yadin yake shara-shara kuwa ban mayar da alfa 255 ba. Na rage `Opacity` na magogin zuwa wajen 40, na riƙa shafawa a hankali har sabon bangon ya ɗan riƙa lekowa ta cikin mayafin, yadda yadin gaske yake yi.

Wannan hanya tana da aibi guda da ya sa na daina tsayawa a kanta ita kaɗai: ba ka ganin abin da ke ɓoye sai ka tono shi. Kana lalube ne. Maganinsa shi ne a fitar da alfar fili ta zama marufi mai zaman kansa. A `Layer > Mask > Add Layer Mask` akwai zaɓin `Transfer layer's alpha channel`. Idan ka ɗauke shi, GIMP takan kwashe duk gogewar da ka yi ta zuba a wani hoto baƙi da fari a gefen leyar, ita kuma leyar ta koma cikakkiya. Fari yana nunawa, baƙi yana ɓoyewa, toka-toka tana tsakani. Daga nan burushi na yau da kullum ya wadatar, ka shafa baƙi wuri ya ɓace, ka shafa fari ya dawo. In kana son ganin hoton asali gaba ɗaya, `Disable Layer Mask` zai nuna maka shi har da bango da kujera, ka sake dannawa yankanka ya dawo. A kula da zaɓin da ke kusa da shi, `Layer's alpha channel`, wanda kwafi kawai yake yi ya bar gogewar a jikin leyar, sai ka shafa fari ka ga babu abin da ya dawo. Sannan kafin ka fara shafa, tabbatar marufin ka danna a jerin leyoyi, shi ne ke da farin layi kewaye da shi. In leyar ce a zaɓe, baƙin fenti zai sauka a kan fuskar amarya.

Yanzu da marufi nake fara kowane yanka. Amma dabarar farko tana cetona duk lokacin da aka kawo min tsohon fayil da wani ya goge da magogi.

Abin da ke ɓoye ba ya rayuwa a ko'ina, kuma an fi yin asara a wurin ajiya. `Flatten Image` da `Remove Alpha Channel` duka sukan cike wurin da aka goge da launin baya. `Merge Down` yakan narkar da leyar cikin ta ƙasa, abin da ake gani kawai yake tsira. `Crop to Content` na leya yakan datse gefunan da ba a gani, to duk abin da ke ɓoye a can ya fita daga leyar. Fitarwa zuwa JPEG kuwa ba a ma magana, tunda ba shi da alfa. XCF ne ke riƙe leya da alfa da marufi yadda ka bar su, shi ya sa `Save` nake fara yi kafin `Export`. Idan kana shakkar ko wani fayil yana da abin tonowa, gwada `Anti erase` a kusurwa guda. In hoto ya fito, akwai. In baƙi ƙirin ko launi guda ya fito, babu komai a ƙasa, kamar yadda yake faruwa a sabuwar leya da ba a taɓa zana komai a kanta ba.

PNG yana tsakiya. Yana da alfa, kuma wajen fitarwa akwai akwatin `Save color values from transparent pixels`. In ka sa masa alama, launukan ɓoye za su bi fayil ɗin, wanda ya karɓa zai iya dawo da su. In ka cire, sun tafi, fayil ɗin ma yakan fi sauƙin nauyi.

Wannan akwati yana da wata fuskar da ta fi gefen mayafi muhimmanci. Wani ya taɓa kawo min hoton takardar shaida yana so a goge lambar da ke jiki kafin ya tura wa mutane. Idan aka goge lambar da magogi a leya mai alfa, aka fitar da PNG da alamar nan a kunne, lambar tana cikin fayil ɗin daram, ido ne kawai ba ya ganinta. Mai manhajar sarrafa hoto ta ImageMagick a kwamfutarsa layi ɗaya zai rubuta:

```
magick takarda.png -alpha off bayyane.png
```

Umarnin yakan kashe alfar, duk abin da aka goge ya fito fili. A irin wannan aiki akasin abin da na saba nake yi: in shafe lambar da baƙin fenti a jikin leyar kanta, in yi `Flatten Image`, in fitar, sannan in gudanar da wannan umarni a kan abin da na fitar in duba da idona kafin in miƙa wa mai shi.