Kwalba biyu daga tafki ɗaya: abin da buret ya nuna

Ƙaramin ɗakin gwajin ruwa gare ni, mu uku ne a ciki har da yarinyar da ke koyon aiki. Masu kiwon kifi, masu haƙa rijiyar burtsatse da masu tukunyar tururi su ne suka fi kawo mana aiki, kuma gwajin da muka fi yi shi ne na alkaliniti, wato iya adadin asid da ruwa zai shanye kafin ya koma mai tsami. Da yawa suna zuwa da tunanin alkaliniti da pH abu ɗaya ne. Nakan ce musu pH yana nuna halin tsami ko rashinsa da ruwan ke ciki a wannan lokacin, alkaliniti kuwa yana nuna ajiyar da yake da ita ta tare asid. Sai ka ga ruwa biyu masu pH ɗaya, ɗaya ɗigon asid kaɗan ya kayar da shi, ɗayan ya yi ta shanyewa ko gezau.

Kwanakin baya wani mai tafkin kifi ya shigo da kwalba biyu da takarda a hannu, ransa a ɓace. Ya ɗebi ruwa da asuba ya auna da na'urarsa, pH 7.6. Da la'asar ya sake, 9.3. Tambayarsa ita ce: wa ya zuba masa wani abu a tafki? Na ce, "Malam, zauna tukuna, bari buret ya yi magana."

Na sa yarinyar ta auni mililita 100 daga kwalbar asuba ta zuba a fulas. A cikin buret, wato bututun gilashi mai ma'auni da ake sakin asid da shi, akwai asid H2SO4 mai ƙarfin 0.02 N. Ba haka kawai ake zaɓar wannan ƙarfi ba: da shi da mililita 100 na ruwa, kowace mililita ɗaya ta asid tana daidai da miligiram 10 a lita, a ma'aunin CaCO3, wato kalsiyam kabonet, don haka lissafin ko a ka za ka yi shi. Ta ɗiga finolftalin, sinadarin da ke nuna pH ta hanyar launi, ruwan bai sauya launi ba, alamar pH ɗinsa na ƙasa da 8.3. Matakin farko, wanda muke kira P, ya tashi sifili ke nan. Ta ƙara metil oranj, wani sinadarin launin, ruwan ya yi rawaya, ta shiga sakin asid ɗigo-ɗigo tana juya fulas ɗin, har ya juya zuwa ruwan goro a wajen pH 4.5. Buret ya nuna mililita 12.0. Jimillar alkaliniti, wato T, ta zama 120.

```
mg/L CaCO3 = (V × N × 50000) / mL
```

A nan V ita ce mililitar asid ɗin da aka sake, N ƙarfinsa, sannan a raba da yawan ruwan da aka auna.

Sai kwalbar la'asar. Finolftalin na taɓa ruwan ya yi ruwan hoda. Asid mililita 1.0 ya gusar da launin, P ta zama 10. Ba ta mayar da buret sifili ba, ta ci gaba a kan wannan ruwan, ya tsaya a 12.0 kamar na safe. Mutumin ya leƙa buret ɗin da kansa, ya ce, "To ke nan ba abin da ya sauya?"

Ya sauya, sai dai ba yawan ba, kamannin ne. A yawancin ruwan rijiya, kogi da tafki, alkaliniti daga bikabonet da kabonet yake fitowa, kuma asalinsu narkewar duwatsu irin na farar ƙasa ne cikin ruwa mai ɗauke da iskar CO2. Kabonet asid biyu yake ci. Na farko ya mayar da shi bikabonet, wannan ya ƙare a 8.3. Na biyu ya mayar da bikabonet ɗin CO2, wannan ya ƙare a wajen 4.5. Saboda haka abin da P ke nunawa rabin kabonet ne kawai. Idan P ba ta kai rabin T ba, sai a ninka ta biyu a sami kabonet, ragowar kuma bikabonet ne. A ruwan la'asar kabonet 20 ne, bikabonet 100. A na asuba dukan 120 ɗin bikabonet ne.

Abin da ya faru a tafkin shi ne aikin gansakuka. Da rana tana zuƙe CO2 daga ruwa, bikabonet biyu su haɗu su ba da CO2 ɗaya da kabonet ɗaya, pH ya hau. Da dare numfashin kifi da na gansakukar ya mayar da iskar, komai ya koma inda yake. Shiga da fitar CO2 ba sa taɓa T, domin kabonet ɗaya yana cin asid ɗin da bikabonet biyun za su ci. Da a ce wani ya zuba masa toka ko soda, da T ce za ta fara tona asirin. Na ce ya dubi kaurin koren da ke kan ruwan da yawan abincin da yake watsa wa kifin, ya bar zargin maƙwabta.

Akwai inda wannan magana ke da iyaka. Idan ruwan na da kalsiyam da yawa kuma pH ya hau sosai, kabonet kan kwanta ya zama farin gari a gindin kwalba, to a nan T za ta ragu da gaske. Haka ruwan burtsatse mai narkakken ƙarfe: ka bar shi ya sha iska ya yi ja, alkalinitinsa ya sauka. Shi ya sa nake son a cika kwalba maƙil ba sararin iska, a rufe, a sa a sanyi, a kawo ranar da aka ɗeba. Lissafin P da T ma ya ginu ne a kan cewa kabonet, bikabonet da haidiroksaid ne kaɗai ke cin asid ɗin. A ruwan masana'anta mai fosfet ko amoniya, T tana nan daidai, amma rabon da ka yi ya zama zato.

Kuskuren da ya fi ba ni wahala ba na kimiyya mai zurfi ba ne. Ruwan famfo mai kulorin kan cinye launin metil oranj, mai koyo ya yi ta zuba asid yana jiran launin da ba zai zo ba. Maganinsa ɗigo ɗaya na sodiyam tayosalfet kafin a fara. Shi kansa asid ɗin ban yarda da abin da aka rubuta a jikin kwalbarsa ba sai na gwada shi da busasshen sodiyam kabonet. Idan ruwa ya yi duhu ko laka, sai in ajiye masu launi in ɗauko na'urar pH, kuma ba na tace ruwan kafin gwaji.

Ma'auni ma ya taɓa haɗa ni rigima da wani abokin ciniki. Na rubuta masa 120, wani ɗakin gwaji ya rubuta 146, ya dawo yana cewa ɗayanmu bai san aikinsa ba. Ashe ni a ma'aunin CaCO3 na bayar, su kuma a nauyin bikabonet kansa, wanda ake samu idan an ninka da 1.22. Tun daga ranar ba lambar da ke fita daga hannuna ba tare da ma'auninta a gefe ba. Bayan zuwan mai tafkin kuma na ƙara layi ɗaya a takardar karɓar ruwa: ƙarfe nawa aka ɗeba.