Lasso, Magic Wand ko Quick Selection: abubuwa uku da na goge daga hoton Sallah

'Yan uwa masu koyon Photoshop, ga inda na kwana a wannan makon. Hoton da na yi aiki a kai na ƙanena ne, an ɗauka da waya ranar Sallah a ƙofar gida a Tudun Wada, yana sanye da farar shadda da hula mai jan zare. Hoton ya yi kyau, sai dai abubuwa uku sun ɓata shi. Akwai koriyar buta a ƙasa gefen ƙafarsa, akwai rubutun jan fenti a jikin bango, sannan akwai wani mutum da ke wucewa ta bayansa, shi ma cikin fararen kaya, har rabin jikinsa ya shige bayan kafaɗar yaron.

Abin da na fahimta a wannan aikin shi ne, zaɓen abin da za ka goge ya bambanta da zaɓen abin da za ka yanko ka ɗora a wani hoton. Idan yankowa za ka yi, kana son layin zaɓi ya bi bakin abin daidai. Idan kuwa gogewa za ka yi, a cike gurbin da bango ko ƙasa, dole layin ya ɗan wuce bakin abin. Dalili kuwa, a hoto bakin abu ba ya yankewa tsaf. Akwai 'yan fiksel da launin abin da na bayansa suka cakuɗa. Idan ka bar su, bayan gogewa za ka ga siffar abin ta rage kamar zanen fensir, kuma Content-Aware Fill zai iya jan wannan launin ya shafa shi cikin gurbin.

Kafin komai sai Ctrl+J a yi kwafin hoton a sabuwar leya, domin ainihin hoton ya zauna a ƙasa ba a taɓa shi ba. Ku lura, idan kun danna Delete a kan kwafin, rami kawai za a samu, hoton ƙasa ya leƙo ta ciki, sai ka ga kamar babu abin da ya gogu. Shi ya sa nake kiran Fill da Shift+F5, in zaɓi Content-Aware.

Na fara da butar, kuma don gwaji na ba Magic Wand dama. Shi launi yake bi. Ka danna wuri ɗaya, ya duba launin wurin, ya kwashi duk fiksel ɗin da ke kusa da shi gwargwadon lambar Tolerance, wadda ke tsakanin 0 da 255, kuma a 32 take zuwa. Buta kuwa roba ce mai sheƙi. Inda rana ta buge ta kusan fari ne, cikinta kore shar, ƙasanta kuma ya yi duhu. A 32 tsakiyar kawai ya kama. Da na kai 80 ya kama mafi yawanta, amma ya zarce cikin inuwarta ya malala kan siminti, hannun butar kuma yana nan bai taɓa ba. Da zarar kun ga kuna ta riƙe Shift kuna danna nan da can, layin yana ta fitar da ƙananan tsibirai, to ku sauya kayan aiki.

Lasso na hannu shi ya gama da ita nan take. Na danna L, na tabbatar Feather yana kan 0, na zagaye butar da tazarar kamar fiksel 10 daga bakinta, na haɗa har da inuwar. Inuwa ita ce abin da aka fi mantawa, kuma Quick Selection ma yakan bar ta, tunda shi jikin abin yake nema. Buta ta tafi inuwarta tana kwance a ƙasa, ko wanda bai san gyaran hoto ba zai gane an taɓa wurin. Duk abin da ke tsaye shi kaɗai, da sarari iri ɗaya kewaye da shi, Lasso nake ba shi yanzu, kuma ba sai hannu ya bi layi daidai ba. Amma kada a zagayo da faɗi har a ci bakin wando ko takalmi.

Rubutun bango ne wurin da Magic Wand ya nuna amfaninsa. Jan fenti ne iri ɗaya a kan bango mai ruwan madara, haruffa a rarrabe. Na sa Sample Size a 3 by 3 Average, Tolerance a 40, na cire alamar Contiguous. Idan da alamar, harafin da ka danna kawai zai kama. Idan babu, zai nemo wannan jan a ko'ina cikin hoton. Dannawa ɗaya haruffan suka shiga gaba ɗaya, tare da jan zaren hular ƙanena. Maganin wannan mai sauƙi ne: na ɗauki Lasso, na riƙe Alt, na zagaye kansa, hular ta fita daga zaɓin. Sai Select > Modify > Expand, fiksel 5, sannan Fill. A hoton da faɗinsa ya kai fiksel 4000, biyar ta isa. A ƙaramin hoto biyu ko uku ma sun wadatar. Wani abu kuma, hoton da ya biyo ta WhatsApp a matse yake zuwa, bakin haruffa ya yi dabbare-dabbare, Magic Wand ya riƙa tsinto su guntu-guntu. Ku ce a turo muku shi a matsayin Document.

Mutumin baya shi ya fi cin lokaci. Quick Selection yana tare da Magic Wand a maɓallin W, ana sauya su da Shift+W. Kamar buroshi ake jan sa, yana faɗaɗa har sai ya tarar da inda launi ko yanayin abu ya sauya. A kan ɓangaren jikin mutumin da ke jikin bango ya yi aiki mai kyau. Da ya iso kafaɗa, inda fari ya haɗu da fari, bai ga iyaka ba, sai ya haɗiye rabin rigar ƙanena. Ana rage buroshi da maɓallin [ a riƙe Alt a goge abin da ya wuce, na kuwa yi hakan, amma layin kafaɗar ya fito da haƙora-haƙora, kuma Expand zai ci cikin shaddar.

Ga hanyar da ta fishe ni. Na kai girman hoton 200%, na ɗauki Polygonal Lasso, na bi bakin kafaɗa da hannun rigar ƙanena da gajerun dannawa, Feather a 1. Idan dannawa ta kauce, Backspace yana janye ta ƙarshe. Na rufe zaɓin ta cikin jikinsa, na danna Ctrl+J, kafaɗar ta koma leya tata a sama. Daga nan na dawo leyar ƙasa, na zaɓi mutumin da Quick Selection, na faɗaɗa da fiksel 8, na cike. Duk ɓarnar da cikon ya yi wa rigar, kafaɗar sama ta rufe ta. Wannan yana aiki har a CS6. Masu sabon Photoshop suna da Edit > Content-Aware Fill, inda za su goge koren launi daga kan yaron don kada a kwafo shaddarsa a manna a bango.

Don duba aiki ina kashe idon leyar da na yi gogewar a kai in kunna sau da yawa, ina kallon layukan bango. A nan na ga layin da bango ya haɗu da ƙasa ya ɗan karye a inda mutumin yake, na daidaita shi da Clone Stamp. Mako mai zuwa wayoyin wutar da suka ratsa ta cikin ganyen darbejiya zan gwada.