Yadda na zaunar da kwantena a cikin hoton fili a Hotoro

Wani mai walda da muke mu'amala da shi ya kawo mini hotuna biyu a waya. Ɗaya na wani fili ne a Hotoro, a jikin katangar bulo da ba a yi wa filasta ba. Ɗayan kuma kwantena ce mai ƙafa 20 da yake so ya mayar shago. Ya ce, "Malam, Alhajin so yake ya ga yadda za ta zauna kafin ya saki kuɗi."

Yanke kwantenar daga hotonta ba wani aiki ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne zaunar da ita. Kafin na taɓa ta, sai da na nemo layin ido na hoton filin, wato tsayin da kyamara take lokacin ɗauka. Na buɗe sabon shimfiɗi a Photoshop, na ja jan layi a kan saman katangar, na ja wani a gindinta, na tsawaita su har suka haɗu can gefen dama, a wajen hoton ma. Dole na faɗaɗa fagen aikin da Canvas Size don in ga mahaɗar. Gefen kwalbatin da ke bin katangar shi ma can ya dosa, wannan ya tabbatar mini ƙasar a shimfiɗe take. Daga mahaɗar na ja layi a kwance ya ratsa hoton. Shi ne layin ido.

Amfaninsa kuwa shi ne: a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wannan layi yana yanka kowane abu a tsayi ɗaya, ko abin na kusa ko na nesa. A katangar, ya bi ta saman jeri na shida. Bulo ɗaya da simintinsa kusan santimita 25 ne, shida ke nan mita 1.5, daidai mutum a tsaye riƙe da waya a gaban fuska.

Daga nan lissafi ne, ba na buƙatar kintace. Na sa alama inda kusurwar kwantenar ta kusa za ta taɓa ƙasa. Daga alamar zuwa layin ido fiksel 420 ne, kuma wannan tazara ita ce mita 1.5, don haka mita ɗaya a wannan wurin fiksel 280 ce. Tsayin kwantena irin wannan mita 2.59 ne, wato fiksel 725. Tsawonta mita 6.06, kusan bulo 13 a jere, sai na ƙirga su a jikin katanga na samo inda za ta ƙare. A can gindin ya matso kusa da layin ido, tazarar fiksel 300 kacal, tsayin ya koma 518. Da na haɗa saman kusurwoyin biyu da layi, ya tafi kai tsaye mahaɗar katanga. Da bai tafi ba, to akwai kuskure a awon.

Sai dai hoton kwantenar da ya kawo ba zai yi ba, kuma wannan ne abin da masu kawo aiki ba sa son ji. Daga saman bene aka ɗauke shi, rufinta a bayyane. Mutumin da idonsa ke mita 1.5 ba zai taɓa hango rufin abin da ya kai mita 2.59 ba. Umarnin Distort na Photoshop yana karkata fuskar da take a baje, amma ba ya canza inda mai ɗauka ya tsaya. Na ce ya koma ya ɗauko ta a tsaye a ƙasa, ta kusurwa, wayar a miƙe ba a ɗage ba, kuma ya guji 0.5x, wato saitin kyamarar waya mai ɗauko fili da faɗi, domin yana miƙe abin da ke gefe. Ya yi ƙorafin kuɗin adaidaita, amma ya je.

Sabon hoton na mayar da shi Smart Object don kada yawan ja ya dusashe shi. Na shiga Edit > Perspective Warp, na zana murabba'i ɗaya a dogon gefen, ɗaya a gefen ƙofa, suka manne a kusurwa, sannan na ja kowace kusurwa zuwa alamarta. Gefen ƙofar yana da tasa mahaɗar a hagu, wadda na samo daga katangar da ta gitta a ƙarshen filin, kuma ita ma a kan layin idon nan ta faɗa. Layukan tsaye na bar su a tsaye kyam, tunda ginshiƙan katangar ma haka suke.

Lissafin nan yana da iyaka. Idan filin gangare ne, ko abin zai hau dakali, awon daga ƙasa zai ruɗe ka, sai ka cire tsayin dakalin daga mita 1.5 ɗin. Idan kuma an ɗaga wayar sama har gine-gine suna jinginuwa baya, sai an fara miƙar da su kafin a auna.

Inuwa ita na bari ƙarshe, siririya mai duhu a gindi, sai mai faɗi da ta bi inda inuwar katangar ta bi. Da Alhajin ya gani, abin da ya fara lura da shi shi ne kwantenar ta zarce katangarsa da kusan jeri biyu, ya ce sai an ƙara ginin kafin a kawo ta.