Jan manja ya taɓa cin jarina, ku kar ya ci naku

Ƙannena masu fara sana'ar abinci a gida, da amaren da aka fara ba kuɗin cefane a hannu, ku zo ku ji yadda na yi asarar manja jarka biyu a shekara ɗaya, kuma duka biyun idona ne ya ja min. Ni garau-garau nake sayarwa da alale a cikin gida, to kun san wannan sana'ar manja ne rabinta, in man ya ɓaci ko waken ya kai audiga laushi ba mai dawowa gobe.

Lokacin sanyi ne, wajen watan Janairu, hazo ya rufe gari. Akwai wani dattijo da na saba saye a wajensa, na je ya buɗe min jarka sai na ga man ya daskare kamar man shanu, kalarsa ta koma ruwan lemo mai haske, har sai an sa cokali an yanko. Na yatsina fuska na ce Baba wannan ai ya koɗe, ba ka da ja? Ya ce Hajiya sanyi ne ya kama shi, ki kai shi rana ki gani. Ban saurare shi ba, a raina na ce ɗan kasuwa ne dole ya kare kayansa. Na ƙara gaba na samu wani yaro da jarkokinsa a jere, man shi ma ya yi kauri amma ja wur kamar jini, ko a daskaren jan bai ragu ba, kuma har ya ɗan fi na Baba sauƙi. Ko ɗanɗanawa ban yi ba na biya jarka guda mai lita 25, na hau adaidaita ina jin na yi wayo.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne manja na gaskiya kalarsa ba a tsaye take ba, tana tafiya da yanayi. Man kashi biyu ne a haɗe, akwai mai ruwa-ruwa akwai mai daskarewa, kuma sai zafi ya haura digiri 35 ko kusa da haka kafin ya narke gaba ɗaya. Shi ya sa a watan Afrilu da Kano take tafasa za ki ga manja tsululu, ja mai duhu, amma wannan man dai in kika ajiye shi zuwa hunturu sai ya zama ruwan lemo. In yanayin tsaka-tsaki ne ma rabuwa yake a cikin kwalba, jan ya taso sama, mai haske mai kauri ya kwanta a ƙasa, mutane su ce an yi haɗi alhali halinsa ne. Kenan Baba gaskiya ya faɗa min, man da ya ƙi sauya kala a cikin wannan sanyin shi ya kamata in tsaya in yi wa tambaya.

Jan manja daga wani sinadari yake zuwa da ake kira karotin, shi ne dai a cikin karas, kuma shi jiki yake juyawa ya zama bitamin A. Shi karotin ɗin nan asalinsa ba ja ba ne, tsakanin rawaya da ruwan lemo yake, yawansa ne in ya taru a jarka yake sa ido ya ga ja. Kuma ba ya jure wuta, ba ya jure rana. Ku riƙe waɗannan biyun dan su ne suka tona asirin jarkata.

Ranar da na fara aiki da shi na zuba a tukunya zan soya da albasa kamar kullum. Manja in ya ji wuta sosai jan yana sakinsa, ya washe ya koma kamar man gyaɗa mai duhu, duk wadda ta taɓa mantawa da shi a kan wuta ta san wannan. Nawa ya yi zafi har ya fara hayaƙi, na ɗauke, jan yana nan. Kuma ƙamshin nan na kwakwar manja da yake cika tsakar gida babu shi sosai. Na yi alale ya fito da wata irin kala kamar an zuba jan kwalli, robobin da na zuba a ciki na wanke da omo har sau uku shatin bai fita ba, kuma shatin ba rawaya ba ne irin wanda muka saba, ruwan hoda ne. Gwaggona ce ta shigo ta gani, ta ce ke miƙo min farantin tangaran fari. Ta ɗiga man ta shafe shi da yatsa har ya yi siriri sosai, ta aika maƙota aka samo mata wani manjan ta shafa a gefe. Na maƙota da ya yi siriri sai ya koma rawaya, nawa kuwa ja ne mai haske har ƙarshe. Ta kalle ni ta ce 'yar nan rini kika sayo.

Daga baya ne na fahimci abin ba a Kano ya tsaya ba. Akwai wani rini da ake kira Sudan IV, na masana'anta ne, da shi ake rina irin su man goge takalmi da kakin kyandir, an hana sa shi a abinci saboda ana zarginsa da jawo cutar kansa. A 2005 Tarayyar Turai ta sa dokar sai an gwada manjan da za a shigar mata saboda shi, a 2015 hukumar abinci ta Ghana ta same shi a yawancin manjan da ta gwada daga kasuwannin Accra, mu ma nan NAFDAC ta sha jan kunne a kan manja mai rini. Dalilin da ya sa ake zubawa kuwa mu ne masu saye, tunda ja muke nema. Man da ya tsufa ya koɗe, ko wanda aka sirka da wani mai mara kala, ɗan rini kaɗan ya isa ya mayar da shi sabo a ido.

Kuma dan Allah ku daina yarda da gwajin nan da ake yawo da shi a waya, wai ki ɗiga manja a kofin ruwa in ruwan ya yi ja to akwai kala. Na yi shi a kan jarkata, ruwan ya fito fes. Ai shi wannan rinin a mai yake narkewa, ba ya narkewa a ruwa, dan haka ma aka zaɓe shi, to ta ina zai fito ya rina miki ruwa? Gwajin zai iya kama mai zuba kalar da take bin ruwa, amma fitowar ruwa fes ba shaida ba ce ta komai. Hatta na faranti da na wuta da na ba ku labari alama ce kawai. In rinin kaɗan aka sa a kan man da dama yana da sauran jansa, farantin zai nuna miki ruwan lemo, wuta ta cinye karotin ɗin ta bar ɗan ja-ja da ba za ki iya rantsuwa a kansa ba. Tabbaci sai ɗakin gwaje-gwaje, ni ma ban kai nawa can ba, alamu ne suka taru har uku na ce ba zan ba 'ya'yan mutane ba. Lita 25 kwalba 33 ce ta manja har da ɗan saura, ko uku ban ci ba a ciki. Na koma wajen yaron ya ce shi ma haka aka sauke masa daga mota, wataƙila ma gaskiyarsa ne, manja kafin ya iso mu daga Edo ko Akwa Ibom ko Kogi hannu nawa ya bi.

To sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni haushi dan shi da wayona na yi shi. Tunda ja ya cuce ni sai na koma tsoron ja, na ce ai mai haske shi ne na gaskiya. Wajen watan Oktoba, lokacin da manja yake tsada saboda kakarsa ta wuce tun wajen Mayu, na samu wata jarka kalarta ba ta da ƙarfi, na ce yawwa wannan ba a taɓa shi ba, na saya. Rini kam babu. Amma ranar farko wata mai sayen garau-garau ta aiko yarinyarta wai a gaya wa Anti man yana kama maƙogwaro. Na lasa, wallahi maƙaƙi har kunne, ga wani ɗan tsami da wari kamar tsohuwar gyaɗa. Wannan hasken ba na sanyi ba ne tunda ana zafi a lokacin, koɗewa ce ta tsufa, man ajiya ne da ya sha rana a jarka wata da watanni.

Shi maƙaƙi ba shi da kala, nan ne ido yake ƙarewa gaba ɗaya. Tun daga gona yake farawa, in aka sare kwakwa aka bar ta a tare kwanaki kafin a dafa, musamman wadda ta fashe, man da ke cikinta yana fara ruɓewa ya zama asid. A cinikin manja na duniya in asid ɗin nan ya wuce kashi 5 cikin 100 an fara rage masa daraja, wanda ya yi yawa sosai masu sabulu ake kai wa. In kuma ba a tsane ruwa daga man da kyau ba lalacewar tana ci gaba a cikin jarka, shi ne za ki ji yana ta fantsama yana ƙara a tukunya tun kafin ki sa albasa. Duk wannan zai iya faruwa man yana ja kyakkyawa, zai iya faruwa yana da haske. Harshe da hanci ne kawai suke kama shi.

Ba manja kaɗai ba ne ma. Zuma kalarta daga furen da ƙudan ya sha take, akwai fara akwai baƙa duk masu kyau, kuma sukarin da aka ƙona yana ba da kalar da ta fi ta zuma kama da zuma. Kurkum kuwa a Bangaladash an kama ana shafa masa rini mai dalma dan ya ƙara rawaya, dalmar nan dai da ta kashe yara a Zamfara a 2010, can ta hanyar haƙar zinare.

Yanzu in zan sayi jarka ba na biya a ranar. Ina sa a girgiza ta, in ta daskare a sa ta a rana ta narke, dan kar a ɗebo min na sama mai kyau a bar laka da ruwa a gindi. In sayi kwalba ɗaya daga cikin jarkar da nake so ɗin, ba daga wadda aka ajiye dan nuni ba, in sa a rubuta sunana a jikinta. A wajen nake lasa, in haɗiye in ɗan jira, dan maƙaƙi ba ya zuwa nan take sai ya sauka. A gida in shafa a farin faranti, in soya cokali biyu a ƙaramar tukunya ina tsaye a kai in ga ko jan zai saki, amma kar ki mayar da wannan soyawar al'adar girki, bitamin ɗin kike ƙonawa. Sai in ɗiga a farin ƙyalle in shanya a rana kwana biyu, tabon manja na gaskiya yana dusashewa sosai.

Na koma wajen Baba da sanyin da ya biyo baya, da kunyata da komai. Ya yanko min daskararren a cokali ya ce Hajiya yau ma ja kike nema? Na ce a'a Baba, ba ni in lasa.